Karatun Tsallake Da Farautar Kalma A Ɗakin Jarrabawa

A jarrabawar IELTS, ɗalibi na da minti 60 ya karanta nassi uku ya amsa tambayoyi 40. Mai bin layi bayan layi sau da yawa lokaci kan ƙare masa.

Karatun tsallake shi ne a bi take da jimlar farko ta kowane sakin layi cikin minti biyu, don a gane inda zancen ya dosa. Da shi ake zaɓar wa sakin layi taken da ya dace.

Farautar kalma kuwa, tambaya ake fara dubawa. In ta nemi abin da ya faru a 1914, ido ya bi shafin neman lambar kawai. Sai dai masu tsara tambaya kan sauya kalma da mai kama da ita, mafarauci ya wuce amsar bai gani ba.