Jawabin Shugaban Makaranta Ga Ɗaliban Da Ba Su Samu Kyauta Ba

Bikin jawabi da raba kyaututtuka taro ne da makarantun firamare da na sakandare suke yi a ƙarshen shekarar karatu, galibi a watan Yuli, bayan an kammala jarrabawar zango na uku. A ranar ake gayyato iyaye da manyan baƙi, shugaban makaranta ya karanta rahoton shekara, a yaye masu fita, sannan a kira waɗanda suka yi zarra ɗaya bayan ɗaya su karɓi kyauta. Amma mafi yawan ɗaliban da ke zaune a filin ba za su ji sunansu ba. Don haka gogaggen shugaba yakan ware wani yanki na jawabinsa musamman domin su, kuma wannan yankin ya fi sauran wuyar tsarawa.

Lissafi kaɗan ya isa ya nuna dalili. A ɗauka makarantar sakandare ce mai ɗalibai 600, a cikin azuzuwa 12, kowane aji da mutum 50. Idan aka ba na ɗaya da na biyu da na uku kyauta a kowane aji, mutum 36 ke nan. Kyaututtukan darussa, kamar na Lissafi da Turanci da Hausa, sau da yawa kan koma hannun waɗannan 36 ɗin ne. Ko an ƙara da kyautar ladabi, da ta tsafta, da ta zuwa makaranta a kan lokaci, da wuya adadin ya wuce 60. Ke nan tara cikin kowane goma za su koma gida hannu rabbana, kuma a cikinsu akwai wanda ya zo na huɗu da tazarar rabin maki, akwai kuma wanda ya zo na hamsin.

Abu na farko da jawabin yake bukata shi ne gaskiya game da abin da kyauta take aunawa. Kyauta jeri take aunawa, wato wane ne a gaban wane. Ko da ɗalibai 50 duk sun ci maki 80 zuwa sama, mutum ɗaya ne zai zo na ɗaya. Jarrabawar kammala sakandare ta WAEC da ta NECO kuwa ba haka suke ba. A can, ana duba ko ɗalibi ya kai wani mataki ne, kuma sakamakon yakan fito daga A1 zuwa F9, inda C6 take ita ce mafi ƙarancin kiredit. Abin da jami'o'in Najeriya suke nema shi ne kiredit biyar, ciki har da Turanci, sai kuma makin JAMB. Ba a tambayar mai neman gurbi ko na nawa ya zo a ajinsu. Shugaban da ya fayyace wannan bambanci ya ba ɗalibai abin riƙewa, domin ya nuna musu cewa kujerar na ɗaya guda ce tak, amma kiredit biyar aji gaba ɗaya zai iya samu.

Faɗin wannan gaskiyar ba ya nufin rage darajar waɗanda suka ci. Kuskure ne shugaba ya ce kyauta ba komai ba ce, ko ya ce kowa ya yi nasara yau. Yara suna da ido, sun ga wanda aka tafa wa da wanda ba a tafa wa ba, kuma da zarar sun gane lallashi ake yi musu, sai su daina sauraro. Abin da ya fi shi ne ya yaba wa masu kyauta ta hanyar bayyana aikin da ya kai su can: wannan ba ta taɓa fashin aikin gida ba, wancan yakan dawo wurin malami da tambaya bayan an tashi. Irin wannan yabon yana amfanar mai kyauta da wanda bai samu ba a lokaci guda.

Akwai binciken da ya goyi bayan haka. A shekarar 1998, Claudia Mueller da Carol Dweck na Jami'ar Columbia a Amurka sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa yara 'yan aji biyar na firamare. An ba yaran wasu tambayoyi, sannan aka yaba wa wasu da cewa suna da basira, wasu kuma aka yaba musu da cewa sun yi ƙoƙari. Daga nan aka ba su tambayoyi masu wuyar gaske, waɗanda suka kasa amsa yawancinsu. Yaran da aka yaba wa basira sun fi saurin karaya, kuma aikinsu ya ja baya a zagayen ƙarshe, alhali waɗanda aka yaba wa ƙoƙari sun fi dagewa, aikinsu ya ƙaru. Darasin ga mai jawabi a fili yake. Idan ya ce masu kyauta haziƙai ne da aka haife su da kaifin ƙwaƙwalwa, to ya shaida wa sauran cewa su an rufe musu ƙofa tun daga haihuwa. Idan kuwa ya ambaci aikin da suka yi, ya nuna hanyar da kowa zai iya bi.

Abu na biyu shi ne sauya ma'auni, daga gwada ɗalibi da abokinsa zuwa gwada shi da kansa. A ɗauka wata ɗaliba ce a aji biyu na babbar sakandare. A zango na farko matsakaicin makinta 41 ne, ta zo ta 38 cikin 50. A zango na uku ya kai 56, ta zo ta 22. Ba ta kusa da kyauta ko kaɗan, amma ta ƙara maki 15, ta kuma tashi daga ƙasa da 50, inda kiredit ke farawa a ma'aunin da makarantu suka saba amfani da shi, zuwa samansa. Wanda ya zo na ɗaya mai yiwuwa daga 84 ya tashi zuwa 85. Shugaban da ya zauna da malaman aji kafin bikin, ya duba takardun sakamako na zango uku, zai iya gaya wa taro ɗalibai nawa ne suka ƙara maki goma ko fiye a shekarar, ya ce su miƙe a tafa musu. Wannan bai ci ko kwabo ba, kuma ya dogara ne a kan hujjar da ke rubuce. Wasu makarantu ma sukan mayar da shi kyauta mai zaman kanta, ta ɗalibin da ya fi kowa ci gaba.

Abu na uku shi ne aiki takamaimai. "Ku ƙara himma" magana ce da kowane ɗalibi ya ji sau ba adadi, kuma ba ta gaya masa me zai yi gobe da safe ba. Shugaba yana iya cewa: "'Ya'yana, kowa ya buɗe takardar sakamakonsa yau da dare, ya nemo darasin da ya fi samun ƙarancin maki. Ya duba, a gwaje-gwajen zango ya yi asara ko a jarrabawa? Makon farko na dawowa hutu, ya kawo wa malamin ajinsa amsa." Tambayar tana da tushe, domin makarantu da dama suna ware maki 30 ko 40 cikin 100 ga gwaji da aikin gida, sauran kuma ga jarrabawa. Ɗalibin da ya yi fashin gwaji ɗaya mai maki goma ya zubar da abin da zai iya ɗaga shi matakai da yawa a jerin aji, ba don ya kasa fahimtar darasin ba.

Misalin wani da ya faɗi sannan ya tashi yana ƙara wa jawabi armashi, da sharaɗin ya zama gaskiya. Labarin da ake yawan bayarwa cewa Albert Einstein ya faɗi Lissafi a makaranta ba shi da tushe, domin tun yana yaro ya yi fice a darasin. Labarin John Gurdon kuwa tabbatacce ne. Yana ɗan shekara 15 a makarantar Eton ta Ingila, ya zo na ƙarshe cikin ɗalibai 250 a ilimin halittu, malaminsa kuma ya rubuta a rahoto cewa burinsa na zama masanin kimiyya abin dariya ne. A 1962 ya wallafa gwajin da ya yi da ƙwayoyin halittar kwaɗo a Jami'ar Oxford, kuma a 2012 ya karɓi lambar yabo ta Nobel tare da Shinya Yamanaka na Japan. Sai dai irin wannan misali yana da iyaka. Bai kamata ɗalibai su fahimci cewa zuwa na ƙarshe alama ce ta ɗaukaka ba. Abin lura shi ne hukuncin shekara guda bai ƙare magana a kan mutum ba. Sau da yawa misalin tsohon ɗalibin makarantar, wanda malamai suka sani, ya fi ratsa yara, in an nemi yardarsa kafin a ambace shi.

Karin magana ma sai an zaɓa. "Sannu ba ta hana zuwa" ta dace, domin tana ƙarfafa tafiya. "Rabon kwaɗo ba ya hawa sama" kuwa, in aka faɗe ta ita kaɗai, yaro na iya ɗauka cewa zama zai yi ya jira. In shugaba ya ambaci rabo da ƙaddara, ya kyautu ya haɗa su da neman dalili, kamar yadda tarbiyyar gida da ta addini suke koyarwa.

Iyaye su ne masu sauraro na biyu, kuma abin da za su faɗa a hanyar komawa gida na iya rushe duk abin da aka gina. Shi ya sa shugaba yakan juya gare su kai tsaye, ya roƙe su kada su ce wa yaro "ba ka ga ɗan wane ba?", kada kuma su gwada wa da ƙane a gaban juna. Yakan ba su shawarar su ajiye sakamakon bana kusa da na bara, su fara da darasin da aka samu ƙari, kafin su zo kan wanda aka samu raguwa.

Lokaci da tsayi suna da tasiri. Wannan yankin ya fi kyau ya zo daf da fara kiran sunaye, yayin da hankalin kowa yake wuri guda, domin bayan an raba kyaututtuka taro yakan watse da ɗaukar hoto. Minti uku zuwa biyar sun wadatar. Ya kamata a faɗe shi da harshen da 'yan aji ɗaya da iyayensu suke ji, ko da an karanta rahoton shekara da Turanci. Ba a kiran sunan wanda ya faɗi, ba a nuna aji da yatsa, ba a kuma yi wa kowa alkawarin cewa baɗi shi zai zo na ɗaya, tunda kujerun ukun nan ba za su ƙaru ba.

Ba da ƙarfin tafi ake gane ko jawabin ya yi aiki ba. Ana ganewa ne a zangon da ya biyo baya: ɗalibai nawa suka kawo wa malamin aji amsar da aka nema, ko fashin gwaji ya ragu, ko 'yan tsakiya da 'yan ƙasan jeri sun motsa. Wannan kuwa yana bukatar makaranta ta cika nata ɓangaren, ta sanar da malaman aji abin da aka ce wa ɗalibai, ta ware lokacin duba takardunsu a makon farko, ta kuma adana makin kowane zango domin jawabin baɗi ya samu alƙaluman da zai tsaya a kansu.