Ƙarin Farashi Tsakanin Dilan Fulawa da Mai Gidan Burodi

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 1999 ba a taɓa yin ranar rantsar da shugaba da ta girgiza kasuwa kamar ta shekarar 2023 ba, domin a ranar ce Shugaba Bola Tinubu ya yi shelar janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, sannan a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, har dalar da hukuma ke sayarwa a wajen naira 460 ta haura 1,500 a watan Fabrairu na 2024. Gidajen burodi suna cikin waɗanda abin ya fi taɓawa, saboda mafi yawan alkamar da ake niƙa fulawa da ita daga ƙetare ake sayo ta da dala, ga yaƙin Rasha da Yukiren tun 2022 ya riga ya tayar da farashinta, ga kuma man dizal da manyan motoci ke sha daga Legas zuwa Kano ya yi tsada tun kafin fetur ya bi sahu. Abin da ya biyo baya a kasuwa irin ta Singa shi ne, farashin da a da yakan yi watanni bai motsa ba ya koma yana sauyawa cikin mako, kuma maganar ƙari ta zama zancen da dila da mai gidan burodi ba su da makawa sai sun yi shi a kai a kai.

Mai gidan burodi yana da hujjar ƙin ƙari wadda ba ta buƙatar dogon sharhi. Shi ba ya iya juya ƙarin a kan masu sayensa a ranar da aka yi masa shi, domin mai shayi da mai talla sun saba da farashi, in an ƙara sai su rage ɗauka ko su koma wani gida. In kuwa ya rage nauyin ƙulli ko ya tsuke sukari, ba a kwana biyu masu ci za su gane. Hujjar dila ce ta fi bukatar a tsaya a kanta, domin wanda bai fahimce ta ba, ko da ya iya lafazi mai daɗi, ba zai san abin da zai miƙa a madadin ƙarin da ya ƙi ba.

A ɗauki misali, da adadin da aka ƙaddara don sauƙin lissafi. Mai gidan burodi yana ɗaukar buhu 40 mai kilo 50 kowane mako a kan naira 60,000, da sharaɗin biya bayan kwana 14, sai dila ya aiko cewa daga lodi mai zuwa buhu ya koma 66,000. Ƙarin 6,000 a buhu 40 ya kama naira 240,000 a mako, kuma idan buhu yana ba da burodi 100, to naira 60 ke nan ta hau kan kowane guda, tun ba a yi maganar sukari da bota da itace ba. Amma wannan 6,000 ɗin ba abu ɗaya ba ne. In an bincika, za a tarar kamfani ya ƙara, a ce, 3,500, kuɗin mota da na 'yan dako sun ci 500, saura 2,000 kuwa dila ne ya ɗora da kansa, kuma galibi ba haɗama ce ta sa shi ba, tsoron ajali ne. Da yake ana biyansa bayan mako biyu, kullum akwai buhu 80 nasa a hannun mai burodi, wato naira 4,800,000. Idan kamfani ya ƙara 3,500 kafin kuɗin su dawo, sai ya nemo 280,000 daga aljihunsa kafin ya mayar da buhu 80 cikin sito, wanda ya fi kuɗin buhu huɗu. A littafi ya ci riba, a sito jarinsa ya ragu. Ga shi rancen banki ba mafita ba ne, ko ga wanda bai ƙyamaci riba ba, tun da Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024, lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8.

Daga nan ake gane cewa mai burodin da ya tafi yana musun 3,500 na kamfani ɓata bakinsa yake yi, domin amsar da zai samu ita ce ba ni na kashe zomon ba, rataya aka ba ni, kuma gaskiya ce. Inda ciniki yake shi ne cikin 2,000 ɗin nan, kuma kuɗin da ake sayensa da shi lokaci ne. Kafin ya tafi, wajibi ne ya tambayi farashi a wurin dila biyu ko uku, na kuɗi hannu da na bashi daban-daban: in ya tarar kowa ya ƙara kusan abu ɗaya a farashin kuɗi hannu, to wannan na kasuwa ne, in tazarar tana tsakanin kuɗi hannu da bashi, to ya san inda zai taɓa. Wajibi ne kuma ya share tsohon bashin da ke kansa, domin wanda ake bi ba shi da bakin neman sassauci.

Sai yadda ake faɗa. Masu hankali ba sa ƙin ƙari ta waya, ba sa kuma yi a gaban yaran shago ko wasu masu sari, saboda dilan da aka ƙi maganarsa a bainar jama'a dole ya kafe, in ba haka ba gobe kowa ya nemi irin abin da ya sallama. Mutum yakan taka da ƙafarsa, bayan la'asar lokacin da kasuwa ta lafa, a gaisa a tambayi iyali, sannan ya ce wani abu kamar haka: "Alhaji, ranka ya daɗe, saƙo ya iso ni, kuma na san ba daga gare ka abin ya taso ba. Sai dai gaskiya 66,000 ba zai fitar da ni ba, in na amsa yau na yi maka ƙarya, domin wata mai zuwa zan kasa biya. Abin da kamfani ya ƙara na ɗauka, kuɗin mota ma na ɗauka. Ragowar nake roƙon a duba mini, ni kuma daga yanzu rabin kuɗi ranar sauke kaya, rabi bayan kwana bakwai." A cikin wannan 'yar magana ya ƙi farashin a sarari ba tare da kwana-kwana ba, ya wanke dila daga zargi, ya kuma ajiye abin da dila zai auna. Ba a son ya ambaci cewa wane ya yi masa tayin ƙasa da haka, sai fa in an tambaye shi, domin dila ya fi shi sanin farashin maƙwabtansa, kuma ambaton yakan zama barazana ko da ba a nufe ta ba.

In aka yi lissafin tayin, kayan dila da ke waje sun sauko daga buhu 80 zuwa 20, hadarin da yake tsoro ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, saboda haka 2,000 ɗinsa ta koma 500 bisa adalci, buhu ya tsaya a 64,500. Mai burodi ya tsira da naira 60,000 a mako, dila kuma ya sami kuɗin da zai yi sabon sari kafin ƙari na gaba, wanda ya fi masa 1,500 da ya bari. Wasu sukan ƙara da neman a hau matakala, mako biyu na farko a 63,000 don su samu sukunin sanar da masu shayi, sannan a tsaya a 64,500 har mako huɗu, a madadin alkawarin ba za su rage daga buhu 40 ba. A ganina neman a ƙulle farashi fiye da wata guda a irin wannan zamani rashin tausayi ne da sunan ciniki, kuma dilan da ya amsa shi cikin sauri, a yi shakkar zai cika.

Shari'a ma tana da iyaka a nan da ya kamata ɓangarorin biyu su kiyaye. Jumhurun malamai sun halatta a sayar da kaya zuwa ajali da farashin da ya fi na kuɗi hannu, muddin an yanke farashi ɗaya a wurin ƙulla ciniki. Amma buhunan da aka riga aka sauke a kan 60,000 sun zama bashi tabbatacce, ƙara musu ko kwabo saboda jinkiri ko saboda kasuwa ta tashi riba ce tsantsa. Don haka duk sulhun da aka yi, a fayyace cewa daga lodi mai zuwa ya fara, a kuma rubuta adadi da farashi da ranar biya kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni game da bashi. Shi ma mai burodi akwai nasa haƙƙin: jinkirta biya alhali yana da hali zalunci ne, kuma a lokacin hauhawar farashi zaluncin yana da adadin da za a iya lissafawa.

Wannan dabara tana da inda take karyewa. Tana bukatar mai burodi ya kasance da kuɗi a hannu, alhali shi ma masu shayi da masu talla bashi suke ɗauka a wurinsa, saboda haka rage ajali a sama yakan tilasta masa rage shi a ƙasa, har matsin ya gangaro kan mai teburin shayi wanda ba shi da wanda zai matsa wa. Ƙananan gidaje masu buhu biyar ko goma a mako ba su da nauyin da za su nemi sassauci da shi, sai dai su haɗu su yi sari tare, in ba haka ba su biya yadda aka faɗa ko su kashe tanda, kamar yadda da yawa suka yi. A lokacin da fulawa ta yi ƙaranci kuma, dila ba ya buƙatar kowa, wanda ya samu kaya ma ya gode.

Akwai kuma amsar da ta yi kama da yarda alhali ƙi ce. Dila mai kunya ba zai ce a'a ga tsohon abokin hulɗa ba, zai ce ba komai, Allah ya sa albarka, sannan ranar lodi a ce mota ba ta iso ba, ko a kawo buhu 25 maimakon 40, ko a sauya fulawar da aka saba da wata wadda ba ta shan ruwa sosai, buhun da ke ba da burodi 100 ya koma ba da 94. A farashin 64,500, asarar burodi shida a buhu ta kusa naira 3,900 a kuɗin fulawa kaɗai, wato ta ninka 1,500 da aka samu sassauci fiye da sau biyu. Mai gidan da ya ga haka sau biyu a jere, ya kamata ya koma wurin Alhaji shi kaɗai, ya tambaye shi farashin da zai iya kawo buhu 40 na fulawar da aka saba a kansa ranar da aka yi alkawari, su sake yanke magana daga nan.