Ɗigon Da Ya Yi Saniyar Ware: Yadda Ake Ceto Zanen Ɗige-Ɗige Daga Cunkushewa

Gabatarwa

Zanen ɗige-ɗige hanya ce ta nuna dangantakar abubuwa biyu a takardar giraf. Akan auna abu ɗaya a layin kwance, ɗaya a layin tsaye, sannan a sa ɗigo a inda ma'aunan suka haɗu. Matsala takan taso idan aka sami adadi ɗaya da ya yi wa sauran fintinkau. Irin wannan ɗigo yakan yi saniyar ware can sama, ya bar 'yan'uwansa a cunkushe a lungu guda. Wannan maƙala za ta bi misali ɗaya daga arewa maso yammacin Jihar Jigawa domin nuna hanyoyi biyu na magance matsalar, da kuma illar kowace.

Yadda Cunkushewar Take Aukuwa

A ƙidayar jama'a ta 2006, Ƙaramar Hukumar Roni tana da mutum kimanin 78,000, Gwiwa kimanin 125,000, Kazaure kimanin 160,000, Babura kuwa kimanin 210,000. Jihar Jigawa baki ɗaya tana da kimanin 4,350,000. A ce an umarci ɗalibi ya sa faɗin ƙasa a layin kwance, yawan jama'a a layin tsaye, kuma ya haɗa da jihar domin kwatanci.

Idan tsawon layin tsayen santimita 18 ne, dole ya kai 4,500,000 kafin jihar ta sami gurbi. Ke nan kowane santimita ɗaya yana wakiltar mutum 250,000. A haka Roni za ta faɗo a santimita 0.3 daga tushe, Gwiwa 0.5, Kazaure 0.6, Babura 0.8, alhali jihar tana can a 17.4. Wuraren huɗu sun cushe cikin rabin santimita. Mai kallo ba zai gane cewa Babura ta ninka Roni fiye da sau biyu da rabi ba. Haka abin yake a layin kwance, domin faɗin jihar ya kai kimanin murabba'in kilomita 23,000, ya ninka na kowace ƙaramar hukuma sau da yawa.

Kafin a taɓa ma'auni, wajibi ne a binciki ɗigon. Da za a rubuta wa Roni 780,000 maimakon 78,000, ita ma za ta ware, amma maganin wannan shi ne a koma ga asalin alƙaluman a cire sifirin da ya yi yawa. Idan kuwa adadin na gaskiya ne, ba daidai ba ne a share shi a ɓoye don kawai zane ya yi kyau.

Hanya Ta Farko: Ma'aunin Logaridim

A ma'auni na yau da kullum, kowane taki ƙari ne: 100, 200, 300. A ma'aunin logaridim kuwa, wanda ya samo asali daga aikin da John Napier ya wallafa a 1614, kowane taki ninki ne: 10,000, 100,000, 1,000,000, 10,000,000. Tsakanin waɗannan lambobi huɗu akwai taki uku, don haka a layi mai santimita 18 kowane taki zai sami santimita 6.

Domin gano mazaunin kowane ɗigo, sai a nemo logaridim ɗin adadin a teburin lissafi ko kalkuleta. A cire 4 daga abin da aka samu, saboda layin ya fara daga 10,000 wanda logaridim ɗinsa 4 ne, sannan a ninka da 6:

```
tsawo = (log N − 4) × 6
```

Logaridim ɗin 78,000 shi ne 4.89. Idan aka cire 4 saura 0.89, a ninka da 6 a sami santimita 5.3. Wannan ne mazaunin Roni. Ta haka Gwiwa za ta zauna a 6.6, Kazaure 7.2, Babura 7.9, jihar kuma 15.8. Filin da wuraren huɗu suka mamaye ya tashi daga rabin santimita zuwa 2.6, wato ya ninka kusan sau biyar, kuma ba a kori jihar daga takardar ba. Haka za a yi wa layin kwance.

Sai dai karanta wannan ma'auni yana bukatar natsuwa. Tazara a nan ninki take nunawa. A wannan zane, duk inda aka hau santimita 1.8, adadin ya ninka sau biyu, ko a ƙasan takarda ne ko a samanta. Tsakanin Roni da Kazaure santimita 1.9 ne, saboda haka Kazaure ta ɗan haura ninkin Roni. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauka tsakiyar 100,000 da 1,000,000 ita ce 550,000. A ma'aunin logaridim, tsakiyar tana kusa da 316,000 ne.

Iyaka ta biyu ita ce sifiri ba shi da logaridim, haka ma lambobin da suke ƙasa da sifiri. Wanda zai zana ruwan saman Kazaure wata-wata zai tarar da sifiri a watannin rani, kuma waɗannan watanni ba su da mazauni a layin. A kwamfuta, manhaja kamar Excel takan tsallake irin waɗannan ɗigogi idan aka zaɓi "Logarithmic scale". Hanyar ganewa ita ce a ƙirga ɗigogin zanen, a kwatanta da layukan jadawalin.

Hanya Ta Biyu: Yanke Layi

A nan ana barin ma'auni na yau da kullum, sai a datse ɓangaren layin da babu ɗigo ko ɗaya. A ce santimita ɗaya mutum 20,000 ne. Daga sifiri zuwa 240,000 zai ci santimita 12. Sai a bar gurbin santimita ɗaya mai alamar gajerun layuka biyu a karkace, sannan a ci gaba daga 4,300,000 zuwa 4,400,000 cikin santimita 5 da suka rage. Roni za ta zauna a 3.9, Gwiwa 6.3, Kazaure 8, Babura 10.5, jihar kuma 15.5. Wuraren huɗu sun sami sarari fiye da na hanyar farko, kuma tazararsu ta koma ƙari yadda aka saba.

Farashin wannan sarari kuwa mai tsada ne. A ido, tsawon jihar ya zama ɗaya da rabi kacal na Babura, alhali a gaskiya ta ninka ta fiye da sau ashirin. Don haka dole alamar yankewar ta fito sarai, a rubuta adadin kusa da ɗigon da ya ware, kuma kada a ja layin dangantaka ya tsallake gurbin, domin gangarensa ƙarya zai faɗa.

Kammalawa

Tambayar da zanen zai amsa ita ce alƙali. Idan ana son sanin sau nawa wani wuri ya ninka wani, kuma alƙaluman sun bazu daga dubbai zuwa miliyoyi ba tare da sifiri ba, ma'aunin logaridim ne ya dace. Idan kuwa ɗigo ɗaya ko biyu ne suka ware, kuma abin nema shi ne bambancin mutum nawa ke tsakanin Roni da Babura, yanke layi ya fi. Inda takarda take da fili, ana iya yin zane biyu kusa da juna, ɗaya da jihar, ɗaya na ƙananan hukumomin kaɗai. Ko wace hanya aka bi, a rubuta ta ɓaro-ɓaro a jikin layin, domin mai karatu ya san da wane mudu aka auna masa.