Ginin Ya Makara: A Haɗa Matakai Ko A Ƙara Hannu?

A ce ginin makaranta ya makara da mako uku, ga damina ta kusa. Ɗan kwangila yana da hanyoyi biyu na kamo lokaci.

Ta farko ita ce haɗa matakan da aka tsara su bi juna: a fara jan wayar lantarki a ajin da aka rufe, alhali ana kan rufin sauran. Ba ta cin kuɗi da yawa a farko, amma haɗarinta maimaita aiki ne. Injiniya ya sauya wurin bango ɗaya, sai a fasa filasta, a sake jan waya, makon da aka ci ya koma biyu na asara. Ita na fi jin tsoro.

Ta biyu, ƙarin magina ko aikin dare. Nan kuɗi ke tashi, gajiya kuma na kawo kuskure. Kuma ƙarin ba ya amfani sai a kan aikin da ya riƙe ranar gamawa. Magina goma ba za su sa kankaren dakin ya yi ƙarfin da ake so kafin kwana 28 ba.