Aikin Zuciya a Takarda Guda: Me Za a Bari, Me Za a Zubar?

Idan jarrabawar ilimin aikin gaɓoɓin jiki ta matso, a Zariya ne, ko Kano, ko Sakkwato, ɗalibin likitanci yakan tarar da abin da ya rubuta a laccocin zuciya ya zama tuli. An yi darasin lantarkin zuciya daban, na ƙarar bugunta daban, na matsin jini daban, galibi ma malamai daban ne suka koyar. Sai ya ce bari ya taƙaita. Abin da yawanci ke yi shi ne su ƙanƙance rubutu, su cusa komai cikin shafi ɗaya. A ganina wahalar banza ce, domin abin da ya yi wa ɗalibi wuya tun farko yana nan: an jera darussan bisa jadawalin malamai, alhali zuciya duk a lokaci guda take yin waɗannan ayyuka.

Takardar bita mai amfani ana gina ta ne a kan bugu ɗaya tak. A kwantar da takardar, a ja layi daga hagu zuwa dama, a ce tsawonsa daƙiƙa 0.8, wato tsawon bugu ɗaya ga mai bugun zuciya 75 a minti. Kusan 0.3 na matsewa ne, abin da ake kira sistol, sauran 0.5 kuma na sakewa da cika, wato dayastol. A bisa wannan layi ake ɗora komai, hawa-hawa: matsin jini a sama, yawan jinin da ke cikin ɗakin ƙasa na hagu a tsakiya, sai zanen ECG da ƙarar bugu a ƙasa. Wannan shi ne zanen da ke ɗauke da sunan Carl Wiggers, masanin Amurka. Kowane babban littafi yana da shi, amma a zana shi da hannu, kada a manna hoto. Wajen zanawar ne ɗalibi ke gane inda bai fahimta ba.

A saman takardar a rubuta ƙa'ida ɗaya da manyan baƙi: bambancin matsi ne ke buɗe bawul, shi ne kuma ke rufe shi. Wanda ya riƙe wannan ba ya bukatar haddace matakan bugu ɗaya bayan ɗaya. Jim kaɗan bayan QRS, ɗakin ƙasa ya fara matsewa, matsinsa ya haura na ɗakin sama, sai bawul ɗin mitiral ya rufe. Rufewar nan, tare da ta takwaransa na dama, ita ce ƙara ta farko, S1. A lokacin bawul ɗin ayota, babbar jijiyar da ke fitar da jini zuwa jiki, bai buɗe ba tukuna, saboda matsin cikinta yana wajen 80 mmHg, ɗakin bai kai nan ba. Ƙofofi biyu a rufe ke nan, matsi na hawa amma jini ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Da ya wuce 80, ƙofa ta buɗe, jini ya fita, matsi ya kai kusan 120. Wajen ƙarshen T tsoka ta saki, matsin ɗakin ya faɗo ƙasa da na ayota, bawul ya rufe, aka ji S2. Duk wannan bayani, wanda ya ci shafuka a littafin lacca, layuka huɗu ne a tsaye a kan zanen, kowanne ya ratsa daga sama zuwa ƙasa daidai inda bawul ya buɗe ko ya rufe.

Lambobi kuwa a yi musu rowa. Kusurwa ɗaya ta ishe su:

```
SV = EDV − ESV = 120 − 50 = 70 mL
EF = SV / EDV ≈ 58%
CO = HR × SV = 75 × 70 = 5250 mL/min = 5.25 L/min
```

Layin farko na cewa ɗakin ya cika da mililita 120, bayan ya matse 50 ta rage, don haka 70 ta fita. Na biyu kason da ya fita ne daga abin da ya shiga. Na uku jimillar abin da zuciya ke turawa a minti. Littattafai sukan saɓa kaɗan. Misali, gudummawar matsewar ɗakin sama wajen cika na ƙasa, Guyton ya sa kusan kashi 20 cikin ɗari, wasu kuma su ɗan haura haka. A ɗauki lambar da sashen makarantar ke koyarwa, a rubuta ita kaɗai. Mai gyara takardar jarrabawa ita ya sani.

Yanzu a gwada takardar da mara lafiya, a ga ko tana aiki. A ɗauka mata biyu ne masu jego, kowacce zuciyarta na bugu 110 a minti, kowacce tana fitar da mililita 40 a bugu. A lissafi duka biyu lita 4.4 ne a minti. Ta farko jini ta zubar bayan haihuwa: abin da ke dawowa zuciya ya ragu, ɗakin ya cika da 80 kacal, 40 ta fita, 40 ta rage, kasonta 50 cikin ɗari. Tsokarta lafiya lau, ba ta samu abin turawa ba ne, kuma kamar yadda Otto Frank da Ernest Starling suka nuna, tsokar da ba ta miƙe sosai ba ba ta matsewa da ƙarfi. Ta biyu kuwa ciwon raunin tsokar zuciya na bayan haihuwa ne ya kama ta, wanda likitocin arewacin Najeriya suka daɗe da saninsa. Ɗakinta ya cika da 160, ya fitar da 40, 120 ta zauna, kasonta 25 kawai. Ta farko jini take bukata. Ta biyu idan aka ɗura mata ruwa irin haka, huhunta zai cika. Takardar da ta rubuta 70 kawai, ta zubar da 120 da 50 don neman wuri, ba za ta iya raba matan nan ba.

Irin wannan ɓarna ce ta fi yawa wajen taƙaitawa: a bar hukunci, a jefar da sharaɗinsa. Ɗalibi ya rubuta cewa idan bugu ya ƙaru jinin da ke fita ya ƙaru, ya tsaya nan. Gaskiya ne, amma zuwa wani haddi. Idan bugu ya kai 200 a minti, bugu ɗaya ya koma daƙiƙa 0.3, kuma lokacin cika ne ya fi shan asara, ya sauko daga kusan 0.5 zuwa kusan 0.14. Ɗakin ba ya samun cika, sannan jijiyoyin da ke ciyar da tsokar ɗakin hagu, waɗanda galibi a lokacin sakewa suke samun jini, su ma an tauye su. Don haka duk kibiyar da aka zana a takardar, a rubuta iyakarta kusa da ita, ko da kalma uku ce.

Lantarkin ƙwayoyin zuciya, da shigar sodiyam da kalsiyam da fitar fotasiyam, su koma bayan takardar. A gaba abu ɗaya ya isa daga wannan fanni: tazarar PR, daƙiƙa 0.12 zuwa 0.20, wadda yawancinta jinkirin da saƙon lantarki ke yi ne tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa, don na sama su gama zuba jini kafin na ƙasa su matse.

Idan an gama, a kife takardar, a ɗauko fara, a sake zanawa da ka. Sannan abokin karatu ya jefo tambaya: bawul ɗin ayota ya ƙuntata, wane layi ne zai motsa? Amsar ita ce matsin ɗakin ƙasa zai haura na ayota sosai a lokacin fitar jini, kuma ƙarar gurnani za ta faɗo tsakanin S1 da S2. Idan sai an koma littafin lacca kafin a amsa, a duba layuka huɗun nan na tsaye, galibi ɗaya ne aka ja ba a wurinsa ba.