Yadda PLC Ke Sanin Zurfin Ruwa A Tanki

'Yan'uwana ɗalibai, wanda duk ya iya lissafin kaso ya iya rabin aikin nan. PLC, watau na'urar da ke sarrafa injuna a masana'antu da gidajen ruwa, ba ta san mita ba, ba ta san ruwa ba. Lamba kaɗai ta sani.

Mu ɗauki tanki mai zurfin mita 6. Ma'aunin da ke cikinsa yana aiko da wutar lantarki ta waya, 4 mA in tanki ba kome, 20 mA in ya cika. Wayar tana shiga wani kati a jikin PLC, shi ne ke juya wutar ta zama lamba. A katin Siemens S7, idan an saita shi a kan 4 zuwa 20 mA, lambar takan tashi daga 0 zuwa 27648. Katin wani kamfani da nasa adadi dabam, sai a duba littafinsa.

To, ga kati ya ba da 20736. Mita nawa ke nan? Raba 20736 da 27648, ka sami 0.75, watau kashi uku cikin huɗu. Riɓa wannan da 6, ka sami mita 4.5. A TIA Portal, `NORM_X` ke yin rabawar, `SCALE_X` kuma riɓawar. Amma a kula, sakamakon rabawar ya zama irin lambar da a ke kira `REAL`, gama in lamba ce marar ɗigo, 0.75 sai ta lalace.

Kuskuren da ya fi ruɗa mutane kuwa shi ne a saita kati a kan 0 zuwa 20 mA, alhali ma'aunin daga 4 ya ke farawa. Tanki a bushe ƙayau, amma 4 mA ɗin nan kashi ɗaya ne cikin biyar na 20, don haka kati zai ba da wajen 5530, allo ya nuna mita 1.2 na ruwan da babu shi. Famfon da ya kamata ya tsaya sai ya yi ta jan iska har ya lalace. Abin haushi, in tanki ya cika lissafin daidai ya ke fita, saboda haka mai gwadawa a cike kaɗai ba zai ga aibu ba. Alamar wannan kuskure ke nan: yana da yawa a ƙasa, yana raguwa sama. A mita 4.5 allo zai ce 4.8. Maganinsa a gyara saitin katin. Ana iya ɗebe 5530 a cikin lissafi, a raba da 22118, amma ni na fi son gyaran katin, don wanda zai zo bayanka kada ya ruɗe.

Me ya sa ba a fara daga sifiri ba? Don a bambanta busasshen tanki da tsinkakkiyar waya. In waya ta tsinke wuta takan faɗi ƙasa da 4 mA ƙwarai, kati ya ba da -32768 ko 32767, gwargwadon irinsa da saitinsa. Kada a sa waɗannan cikin lissafi. A tsai da famfo, a buga ƙararrawa, a tura mai gyara ya bi wayar.