Jarrabawar BEPC: yadda za a mai da hoton jadawali ya zama tsarin bita a gida

 Da zarar an liƙa jadawalin jarrabawar BEPC, sai ka ga hotonsa na yawo a WhatsApp. Yaro ya tura wa yayansa, yaya ya ce "ka dage da karatu", magana ta ƙare. To, hoton nan rana da awa kawai yake faɗa. Ba ya gaya wa yaro abin da zai karanta daren yau.

Da farko a tantance hoton. A buɗe shi da kyau, a duba shekarar da ke sama da sunan jarrabawar, domin hoton bara yakan dawo ya ruɗa mutane. Idan wani layi ya dushe ko gefen takardar ya yanke, kada a yi kirdado. Yaro ya je ya gwada da wanda ke liƙe a kwalejinsu, ko ya tambayi malaminsa. Daga nan ya kwafe shi da biro a bangon littafi, don waya tana mutuwa, caji kuma ba kullum ba.

Sai a ɗauko takardar sakamakon zangon da ya wuce. Mu ɗauki misalin wata ɗaliba ƴar ajin ƙarshe na kwaleji, saura mata mako shida. Ta samu 6 bisa 20 a lissafi, 7 a fizik da shimi, 7 a Faransanci, sauran darussa kuma ta haura 10. Kowane darasi yana da nauyinsa, wanda ƴan lakkol ke ce wa kowefisiyan. A misalin namu mu ce na lissafi 3 ne, sauran biyun 2-2. Na gaskiya a tambayi malami. A duba makin da ya rage a kai 10, a ninka shi da nauyin. Lissafi saura 4, sau 3, ya ba da 12. Fizik saura 3, sau 2, ya ba da 6, Faransanci ma 6. Ke nan lissafi na bukatar ninki biyu na lokacin kowannensu.

Yanzu lokaci. A nan ake yawan yaudarar kai, yaro ya rubuta awa biyar kullum. Yarinyar nan tana zuwa aji, tana ɗebo ruwa, tana daka, ga zafin bazara da tsakar rana. Abin da za ta iya riƙewa zama biyu ne na minti 45: ɗaya bayan sallar asuba, ɗaya bayan isha'i da fitila mai aiki da hasken rana. Kwana shida a mako, an cire ranar kasuwa, ya zama zama 12.

Takwas daga ciki na darussan da take da rauni ne: huɗu lissafi, biyu fizik, biyu Faransanci. Lissafi a sa shi da asuba, lokacin kai na sake, kuma aiki ne da biro, ba hadda ba. Uku a raba wa ilimin halittu, tarihi da labarin ƙasa, da Ingilishi, don kada wanda aka iya ya zube. Zama na goma sha biyu a bar shi fanko. Ranar da aka yi baƙi, ko biki, ko ruwan farko ya sauka aka fita shuka, da shi za a rama.

Makon ƙarshe ne hoton ke yin aikinsa sosai. A ajiye wancan rabon, a bi jerin jarrabawar: darasin ranar farko shi ake bita daren jajibiri, na rana ta biyu a daren da ya biyo. Ba a buɗe sabon babi a wannan mako.

Ta yaya za a gane tsarin na tafiya? Duk zaman da aka yi a ja masa layi. Idan a mako guda an rasa fiye da uku, jadawalin ne ya yi nauyi, a rage shi. Kowane mako biyu kuma ta yi tambayoyin lissafi na wata shekara da ta wuce, littafi a rufe, da agogo, daidai tsawon lokacin da ke rubuce a hoton. Idan makin bai motsa ba, ƙarin awa ba zai yi magani ba; akwai babin da ba ta gane ba, sai ta kai wa malami shi da sunansa.

Ku da ke nesa, in kun kira gida, ku tambaya zama nawa aka ja wa layi a wannan mako. Iyaye kuma ku ɗauke wa yara aiken asuba na waɗannan makonni. Allah ya ba su sa'a.